Tambaya 20 a takarda, yara 90 a aji, allo ɗaya: yaya za a yi?

Malama Rabi: Assalamu alaikum malamai. Shawara nake nema. Aji uku ne, yara 90, darasin lissafi kuma minti 35. Yara ba su da littafin karatu, babu kuma injin buga takarda. Abin da ke hannuna kwafi ɗaya ne na takardar aiki, irin wadda aka tsara don kowane yaro ya samu tasa ya cike amsa a ciki. Tambaya 20 ce a kan ɗebewa mai aro, lambobi masu gida uku. Idan na juye su duka a allo, kafin a gama kwafa an kaɗa ƙararrawa. Masu sauri su yi bakwai ko takwas, na baya ko uku ba sa kaiwa. Ta yaya zan mayar da wannan takarda aikin allo ba tare da kwafa ta cinye darasin ba?

Malam Nura: Wa alaikumus salam Malama. Ki raba su rukuni-rukuni, mutum shida-shida, ki yi fotokwafi 15 ki ba kowane rukuni ɗaya. An gama magana.

Malama Rabi: Malam Nura, ai na ce babu inji. Ko da an samu guda 15 ɗin ma, takarda ɗaya a tsakiyar yara shida, biyu ne za su gan ta daidai, sauran a juye za su riƙa karanta ta, kuma dai sai kowa ya kwafa a littafinsa.

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Malama, kafin a taɓa allo, a fara da takardar kanta. Wanda ya tsara ta ya sa tambaya 20 ne domin ya san yaro ba zai rubuta komai ba sai amsa. Da zarar kwafa ta shigo, wannan lissafin nasa ya rushe, don haka kada ki ɗauki 20 a matsayin farilla.

Abu na farko, ki auna lokaci da agogo, kada ki yi kintace. Zaɓi yara uku, mai sauri, matsakaici da mai nawa, ki ga sakan nawa kowa ke ɗauka ya kwafi tambaya ɗaya, sakan nawa kuma ya warware ta. A ce mai nawa yana cin minti ɗaya wajen kwafa, minti biyu wajen aiki. A darasin minti 35, in aka cire rubuta kwanan wata, misali da dubawa, abin da ke saura na aikin kai da kai bai wuce minti 12 zuwa 15 ba. Ke nan wannan yaron tambaya huɗu ko biyar zai iya. To waɗannan biyar ɗin su ne darasinki, sauran ƙari ne.

Sai ki zauna da takardar ki ware tambayoyin iri-iri. A ɗebewa mai gida uku yawanci iri biyar za ki tarar: wadda babu aro, kamar 586 − 243, mai aro ɗaya, kamar 572 − 138, mai aro biyu, kamar 532 − 178, mai sifili a tsakiya, kamar 704 − 265, da wadda lambar ƙasa ta fi gajarta, kamar 613 − 49. Takardar da aka buga takan jera huɗu na farko duka masu sauƙi, sannan ta hau a hankali. Idan kika bi wannan jerin a allo, yaron da ya tsaya a ta huɗu bai taɓa aro ba ko sau ɗaya, alhali aro aka zo koya. Shi ya sa za ki ɗauki ɗaya daga kowane iri ki sa su a sahun farko na allo, ki ce wannan dole kowa ya gama.

Malam Isiyaku: Na yarda da rage yawan, amma ina jin inda maganar ta dosa, wato a rage kwafa. A nan ne ban yarda ba. Ajin da babu littafin karatu, littafin rubutun yaro shi ne littafin karatunsa. In bai kwafa ba, me zai buɗe a gida? Me zai duba kafin jarrabawa? Kuma kwafa tana gyara hannu. Ni a ganina a rubuta duka 20 ɗin, a kwafe su tsaf, abin da ba a gama ba ya zama aikin gida.

Malam Ɗanjuma: Malam Isiyaku, rabin maganarka gaskiya ce tsantsa, littafin rubutun shi ne madogarar yaro. Amma a duba abin da ya kamata ya kasance a cikinsa. Tambaya 20 da babu amsa ba abin bita ba ne. Abin da yaro zai buɗe ya amfana shi ne misali ɗaya da aka warware daga farko har ƙarshe, an nuna inda aka soke lamba, an nuna abin da aka ara, an nuna abin da ya rage. Wannan kam a kwafe shi a natse, a zagaye shi da akwati, malami ya zagaya ya tabbatar an kwafa daidai. Minti biyar da aka kashe a kansa ba asara ba ne.

Batun aikin gida kuma, yaron da bai gane aro a aji ba, in ka tura shi gida da tambaya 15, kuskure ɗaya zai maimaita sau 15, ya dawo kuskuren ya zauna masa daram a ka. Cire shi ya fi koyar da shi tun farko wuya.

Malam Isiyaku: To gyaran hannu fa?

Malam Ɗanjuma: Yana da nasa darasin. In aka ɗora shi a kan lissafi, lissafin ne ke biyan kuɗin.

Hajiya Asabe: Bari in shigo ta ɓangaren allon, domin sau da yawa ana ɗora wa yara laifin nawa alhali ba sa ganin rubutun ne. Malama Rabi, 'yata, ki auna allonki. A ce faɗinsa mita 3 ne, tsayinsa santimita 120. A aji mai yara 90 benci na ƙarshe yana nesa, don haka lamba tana bukatar tsayin kamar santimita 6, wato faɗin yatsu uku zuwa huɗu, kuma da tazarar da ke tsakanin layi da layi, kowane layi zai ci kusan santimita 10. Ƙasan allo, wajen santimita 30, kawunan 'yan gaba sun tare shi, kada ki rubuta komai a wurin. Saura santimita 90, layi tara ke nan. Tambayar da aka jera a tsaye, lamba a kan lamba da layin amsa da ɗan fili, tana cin layi huɗu. Biyu kawai za su hau daga sama zuwa ƙasa. In kowace ta ci santimita 40 a faɗi, bakwai za su jeru, jimla 14, kuma babu wurin misali. Kin ga 20 ba za su shiga ba sai an ƙanƙanta rubutu, kuma da an ƙanƙanta an zubar da rabin aji na baya.

Waɗannan awon ba doka ba ne, gwaji shi ne alƙali. Rubuta 38, 83, 17, 71, 56 da 65, ki taka zuwa benci na ƙarshe ki zauna, ban ce ki tsaya ba, ki zauna daidai tsayin yaro. Ki gwada kusurwar dama da ta hagu, domin hasken taga yakan kwanta a gefe ɗaya na allo ya shafe rubutun ga masu zama a ɗaya ɓangaren. Allon da ya koɗe ya yi furfura kuwa, komai girman rubutu ba zai fito ba sai an sake masa fenti. Kuma kada a yi rubutu a kan allo yana jiƙe, sai ya bushe.

Yadda za ki gane yaron da ba ya gani: yana runtse ido, yana miƙewa tsaye, ko kuma bai ɗaga kai ko sau ɗaya ba amma littafinsa na cika, wato daga na kusa da shi yake kwafa. Irin wannan a dawo da shi gaba ko da dogo ne, a ba shi bakin benci don kada ya tare wasu, a kuma sanar da iyayensa a duba idon.

Malama Rabi: Hajiya na gode. To in rubuta su a kwance ke nan, 532 − 178 a layi ɗaya, su jera da kansu?

Hajiya Asabe: E, a kwance, layi ɗaya tambaya ɗaya. Ki ja layi biyu a tsaye ki raba allon gida uku. Hagu na misali, ba a goge shi har a tashi. Tsakiya na tambayoyi biyar na dole. Dama na wanda ya gama. Kullum haka, kada ki sauya, cikin 'yan kwanaki idon yaro zai san inda zai je ba sai an faɗa ba. Lambar tambaya kuma ki sa ta da harafi, a, b, c, don in kika rubuta 1 kusa da 586 wani zai kwafi 1586.

Malam Nura: Amma Hajiya in aka rubuta a kwance ai an ƙara musu wani aiki, jerawa. Takardar asali a jere take ba su.

Malam Ɗanjuma: Ka yi gaskiya ƙanena, kuma kuskuren da ke biyo baya sananne ne. A 613 − 49, yaron da ya fara jerawa daga hagu zai sa 4 a ƙarƙashin 6, 9 a ƙarƙashin 1, ya samu 123 a maimakon 564, domin a zahiri 490 ya ɗebe. Maganinsa biyu. Tambayar farko a rubuta ta a jere a allo don ta zama abin koyi, sauran a kwance. Sannan in littafin ba mai gida-gida ba ne, yaro ya juya shi a kaikaice, layukan da ke kwance su koma tsaye, kowane gida ya samu layinsa: ɗaiɗai, gomomi, ɗaruruwa. A riƙa tuna musu a fara jerawa daga dama. Jerawar ma abin koyo ce, takardar da aka buga ɓoye wannan raunin take yi.

Yanzu gidan dama, na masu sauri. Nan ne ake son rubutu kaɗan ya haifi aiki mai yawa. Hanya ɗaya ita ce ki rubuta manyan lambobi uku a sama, 860, 913, 645, ƙanana uku a ƙasa, 178, 265, 49, ki ce a ɗebe kowace ta ƙasa daga kowace ta sama. Lamba shida kika rubuta, tambaya tara ta fito. Yaro ya kwafi shidan sau ɗaya a saman shafi, daga nan ba ya sake ɗaga kai. Mafi yawan lokacin kwafa a ɗaga kai yake tafiya, a nemo inda aka tsaya, a sunkuya, a manta, a sake ɗagawa. Sharaɗin kawai shi ne ki warware taran da kanki tun a gida, don ki tabbatar duk na sama sun fi na ƙasa kuma akwai aro a yawancinsu.

Hanya ta biyu ita ce sarƙa. Ki rubuta: fara daga 950, ɗebe 187, ɗebe 187 daga amsar, har sau biyar. Amsoshin su ne 763, 576, 389, 202, 15. Layi ɗaya a allo, tambaya biyar, kuma duba abin da ke ciki. Uku na farko aro biyu-biyu ne. Ta huɗu, 389 − 187, babu aro ko ɗaya, tana kama yaron da hannunsa ya saba yana ara ko ba bukata. Ta biyar, 202 − 187, sifili ne a tsakiya. Ki faɗa musu tun farko cewa wanda ya yi daidai a kan 15 zai sauka, sai kowa ya duba kansa ba tare da ya taso ya zo wurinki ba.

Malama Binta: Malam, sarƙar tana da haɗari. In ya kuskure a ta farko, sauran huɗun duka sun tafi, ko da hanyarsa daidai ce. Yaro ya yi aiki biyar ya ga bai sauka a 15 ba, bai san inda ya ɓata ba, sai ya karaya.

Malam Ɗanjuma: Haka ne Malama. Shi ya sa ake sa zango a tsakiya: a rubuta cewa amsa ta uku 389 ce, wanda bai same ta ba ya koma baya, tambaya uku kawai zai bincika. Kuma ba a ba mai rauni sarƙa, ta gidan dama ce. Wanda ya gama ta ma akwai sauran aiki: ya tabbatar da amsoshinsa biyar na tsakiya ta hanyar tarawa, 354 + 178 ya ga ko zai koma 532.

Malama Binta: To ni matsalata daban ce, darasin harshe nake koyarwa, yara 70 da 'yan kai. Takardun da ke hannuna na cike gurbi ne da na haɗa kalma da ma'anarta ta hanyar jan layi. Jimla ɗaya kalma goma, jimla goma kalma ɗari. A lissafi yaro dole ya rubuta lambobin kafin ya yi aiki, a nawa kuwa kalma tara yake kwafa don ya cike ɗaya.

Hajiya Asabe: Naki ya fi sauƙin gyara, Malama Binta. Na haɗawa, ki sa lambobi a sahun hagu, haruffa a sahun dama, yaro ya rubuta 1 c, 2 a, ba jan layi. In kina son ya zama abin bita, ya rubuta kalmar da ma'anarta bayan an duba, wato daidai ɗin kawai zai shiga littafi. Ki sa sahun dama ya fi na hagu da guda ɗaya ko biyu, in ba haka ba ta ƙarshe kyauta ce, abin da ya rage ne kawai. Na cike gurbi kuma, jimla biyu na farko a kwafe su cikakku, sauran lamba da kalmar amsa. Ki karanta duka da baki sau biyu kina nunawa da sanda kafin a fara, don mai raunin karatu kada ya maƙale a kalmar da ba ita ake tambaya ba.

Malam Isiyaku: Hajiya, da girmamawa, ga abin da nake gudu nan. Bayan wata biyu yaro ya buɗe littafi ya ga 1 c, 2 a, 3 d. Mece ce c? An goge allon tuntuni. Uba ya buɗe ya ga haka, zai ce ba a koyar da komai. Mai duba makarantu ma littafin yake buɗewa.

Hajiya Asabe: Ban musa ba Malam. Shi ya sa na ce jimla biyu cikakku a sama, su ne shaidar irin aikin da aka yi. Kuma duk wadda yaro ya faɗi, gyaranta da cikakkiyar jimla zai rubuta.

Malam Isiyaku: Ke nan wanda ya fi rauni, wanda ya fi nawa, shi zai fi kowa yawan rubutu.

Hajiya Asabe: Wannan kam ka kama ni. A taƙaita gyaran a kan biyu, komai yawan abin da ya faɗi.

Malam Isiyaku: Zan iya zama da haka a lissafi. A harshe har yanzu ina ganin rubuta cikakkiyar jimla wani ɓangare ne na koyon, yaro yana ganin inda kalma ke zama, yana sabawa da ƙa'idar rubutu. Gara jimla biyar cikakku da goma na lamba da harafi.

Malama Binta: Ina jin ya danganta da abin da ake nema ranar. In ma'anar kalmomi ce, lamba da harafi. In ginin jimla ne, ina tare da Malam Isiyaku.

Malama Rabi: Na fahimci tsarin allon. Saura dubawa. Ko tambaya biyar ce, sau 90 amsa 450 ke nan kullum, ban da na masu sauri.

Malam Ɗanjuma: Ba za ki duba su duka ba, kuma ba sai kin duba ba. Minti biyar kafin ƙarshe a ajiye fensir, a yi musayar littafi da na benci na baya, ba da na kusa ba, don na kusa yawanci amsarsu ɗaya. Ki rubuta amsoshin a allo ɗaya bayan ɗaya, mai dubawa ya sa alama da biro ya rubuta sunansa a ƙasa. Sunan yana rage son kai da mugunta. Ke kuma ki karɓi littafi 18 kullum, cikin kwana biyar kin ga na kowa. Kada su san ranar da layi zai zo kansu.

Amma abin da ya fi makin amfani shi ne amsar da ba daidai ba, domin ita ke faɗa miki ciwon. Ɗauki 532 − 178, amsa 354. Yaron da ya rubuta 446, a kowane gida ƙaramar lamba yake cirewa daga babba ba ruwansa da wadda ke sama: 2 daga 8, 3 daga 7, 1 daga 5. Wannan bai fara aro ba ma, yana bukatar a koma da shi kan tsinke, ɗauri goma-goma, ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa. Wanda ya rubuta 464 ya san aro, yana karɓar goman, amma ba ya rage gidan da ya ara. Nasa ƙaramin gyara ne, ya soke lambar ya rubuta sabuwa kafin ya ci gaba. A 704 − 265 kuwa, amsa 439, wanda ya rubuta 449 ya ara daga 7, sifilin ya zama 10, ya ba gidan ɗaiɗai amma ya manta 10 ɗin ta koma 9.

Akwai kuma wanda zai rubuta 345 a ta 532 − 178. Kafin ki soke, dubi abin da ya kwafa. In 523 ya rubuta, to 523 − 178 daidai 345 ne, lissafinsa lafiya lau, kwafarsa ce ta karkace. Wannan kuskuren babu shi a takardar da aka buga, allo ne ya kawo shi, kuma yaron da ke duba masa ba zai gane ba, zai soke kawai. A ba shi alama daban, a ce K a gefe, kada a haɗa shi da wanda bai iya ba. Rigakafinsa a karanta lambobin da baki tare kafin a kwafa, sannan kowa ya duba na maƙwabcinsa da allo kafin a fara aiki, bai wuce rabin minti ba.

Malam Nura: Malam, wannan sai an buɗe littattafai ake gani. Ta yaya za a san halin da aji ke ciki tun darasi bai ƙare ba?

Malam Ɗanjuma: Da waɗannan amsoshin dai. Bayan misali, kafin a sake su su yi aikin kansu, a ba da tambaya ɗaya kowa ya warware. Sai a rubuta amsa uku a allo, ta ɗaya 446, ta biyu 354, ta uku 464, a ƙirga uku kowa ya nuna da yatsu a ƙirjinsa. A ƙirji, don in aka ɗaga sama na baya sai su bi na gaba. Da kallo ɗaya za ka ga ajin. In yatsa ɗaya ya yi yawa, kamar sulusin aji, kada a ci gaba, a sake misali. In 'yan kaɗan ne, a riƙe inda suke zaune, wurinsu za a fara zuwa lokacin zagaye. Kada dai a rubuta zaɓin kafin su gama aiki, za su yi canki-canka. Kuma tambayar da aka yi wannan gwaji da ita ta fita daga cikin biyar na dole, a sa wata mai aro biyu a madadinta, kamar 641 − 275.

Malama Rabi: To ga yadda na tsara minti 35 ɗin, ku duba min. Minti 3 kwanan wata da kan darasi. Minti 7 misali da kwafarsa. Minti 5 tambayar yatsu. Minti 12 aikin kai da kai. Minti 5 musayar littafi. Minti 3 gyara. Sai dai ban ga inda zan sa rubutuna a allo ba.

Hajiya Asabe: Ba ya cikin 35 ɗin, 'yata. Duk mintin da kika juya baya kina rubutu, yara 90 suna zaune babu aiki, kuma kin san abin da ke biyo baya. In allon naki ne tun safe, rubuta gidan tsakiya da na dama kafin a shigo, ko lokacin tara. Sai dai ki rufe su da takarda ko ƙyalle, in ba haka ba kina bayanin misali suna can suna kwafa, ba mai saurarenki. In kuwa wani malami ne ke fita ki shiga, rubuta su a babban kwali da alƙalamin maka mai kauri, baƙi ko shuɗi, ja da kore ba sa kai baya. Girman lambar dai ɗaya da na allo. A rataye da ƙusa biyu a saman allo, a sauke a rubuta aji da darasi a baya, a ajiye a shimfiɗe. Baɗi ba sai kin sake ba. In babu kwali, rubuta tambayoyin tsakiya a cikin minti ukun da suke rubuta kwanan wata, layi biyar ne, na dama kuma bayan sun fara aiki, tunda ba wanda zai buƙace su nan take.

Minti 3 na kwanan wata ma zai iya komawa 6 in kowa sai ya ja layin gefe ya feƙe fensir. A ja layin gefe na shafi biyar tun ranar farko ta mako, a feƙe fensir kafin a shigo.

Malam Isiyaku: Minti 7 bai isa misali da kwafa ba a aji uku, in ana son akwatin nan da Malam Ɗanjuma ya ce ya fito da kyau. Ni zan ba shi 10 ranar da aka fara sabon abu, in rage aikin kai zuwa 9.

Malam Ɗanjuma: Ranar farko na yarda, da sharaɗin tambayoyin dole su koma uku. Rana ta biyu babu sabon misali, kowa ya buɗe na jiya, aikin kai ya samu minti 18 ko fiye. Takardar nan ta tambaya 20 dama aikin kwana biyu ko uku ce a irin wannan aji.

Malam Nura: Satar amsa fa? Mutum huɗu a benci, littafi na gogar littafi. Me zai hana a yi tambayoyi kashi biyu, na ɗaya da na uku a benci su yi kashin farko, na biyu da na huɗu su yi ɗayan?

Hajiya Asabe: Yana aiki, amma yana cin allo ninki biyu, kuma lokacin dubawa sai an kira amsa kashi biyu, rikici ya tashi a kan wane ne ke wane kashi. Ni sai ranar gwaji zan yi haka.

Malam Ɗanjuma: A gidan dama ba ya cin komai, wannan ya fara da 860, na kusa da shi ya fara da 913. A na tsakiya kuwa ba zan juya jerin ba, don daga sauƙi ya hau. Abin da nake nema a nan shi ne a ga aikin aro a rubuce, sokewa da sabuwar lamba. Mai leƙe amsa kawai yake ɗauka.

Malama Binta: Wasu har sokewar suke kwafa, Malam.

Malam Ɗanjuma: Suna yi. Irinsu sai a zagaye ake kama su, ka ɗora yatsa a kan lambar da ya soke ka ce me ya sa 3 ta koma 2 a nan.

Malama Rabi: Allah ya saka da alheri. Gobe zan fara da auna yaran uku da zama a benci na ƙarshe. Abu ɗaya ya rage min: akwai kamar yara goma da ko lambobin ba sa iya kwafa daidai, suna juya 3 da 5, kuma a minti 12 tambaya ɗaya suke gamawa. Su ma biyar ɗin zan ce su yi?

Hajiya Asabe: A'a. Tara su a benci biyu na gaba kusa da teburinki. Yanka kwali ƙanana kamar tafin hannu, kowane da tambaya biyu masu gida biyu a jere, irin 52 − 17, a ajiye a kan benci kusa da littafi. Kwafa daga kusa ta fi kwafa daga allo sauƙi nesa ba kusa ba, ido ba ya yin doguwar tafiya. Kati goma ko sha biyu sun isa, su riƙa musaya. A saman bencin kuma ki manna tsiri ɗaya mai 0 zuwa 9 da manyan lambobi, su riƙa dubawa. Ko kuma ki rubuta musu tambayar da hannunki a littafinsu cikin 18 ɗin da kike karɓa.

Malama Rabi: 18 ɗin ai juyawa suke, nasu sau ɗaya zai zo a mako.

Hajiya Asabe: To katin dai. Ki lulluɓe su da farar leda ko salatif, in ba haka ba mako biyu ba za su yi ba.